Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Jingar Kogin Haɗeja: Tsayi Kaɗai Ba Ya Tare Ruwa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa, da shugabannin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da shugabannin ƙananan hukumomin da kogin ya ratsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ranku ya daɗe, ina miƙa gaisuwar ban-girma, tare da addu'ar Allah Ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku.

Ni ɗan wannan kwari ne. Na yi shekarun ƙarfina ina aikin ban-ruwa da gina madatsun ƙasa, yanzu kuma na dawo gida ina noman shinkafa a bayan wata jinga da ta girmi 'ya'yana. Ina rubuto wannan wasiƙa ne a madadin mutanen da ke kwana a kan jinga duk Agusta da Satumba, riƙe da tocila da shebur da buhunan yashi, tun daga ƙasar Ringim da Taura har Miga, Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, Kiri Kasamma da Guri. Mun ga injinan da aka saka a kogi suna yashe shi suna cire ciyawar kachala, mun ga buhunan da ake rabawa, kuma mun gode. Kukanmu a kan wani abu ne daban. Duk lokacin da aka yi maganar jinga a bainar jama'a, abu biyu ake faɗa: kilomita nawa aka yi, da kuma tsayinta. Ba mu taɓa jin an faɗi irin ƙasar da aka zuba ba, ko yadda aka daddaɓe ta, ko abin da ke ƙarƙashinta, ko wanda zai riƙa duba ta bayan katafila ta tafi. Alhali jingar ƙasa hanya uku take bi ta mutu, kuma tsayi ɗaya kawai yake magancewa daga cikinsu.

Bari in fara da wadda kowa ya sani, wato ruwa ya haura ta sama. Mutane suna zaton idan ruwa ya tsallake jinga, daga gefen kogi yake cin ta. A gefen gari ɓarnar take farawa. Ruwan da ya haura doron jinga yana gangarowa da gudu, ya fara kwasar ƙasa daga gindi, ya yi ɗan gulbi mai tsaye kamar matakala. Matakalar nan sai ta riƙa ja da baya, tana cin gangaren, har ta iso doro. Da zarar ta yanke doron, kogi ya sami ƙofa, kuma ƙofar da ta fara da faɗin taku biyu tana iya zama faɗin fili kafin gari ya waye. Ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba ya isa ya yi wannan aiki idan ƙasar rairayi ce kuma babu ciyawa a kanta.

Ruwa kuma ba ya haura jinga gaba ɗaya. Wuri mafi ƙasa yake nema, kuma mu da kanmu muke yi masa wannan wuri. Inda shanu ke haurawa zuwa mashaya, inda amalanke da babura suka mai da hanya, inda wani ya saro ƙasar gini da rani, duk doron ya lotsa a nan. Jingar da ta kai mita uku a tsawon kilomita biyar, amma ta lotsa zuwa mita biyu da rabi a mashigar shanu ɗaya, a wajen kogi jingar mita biyu da rabi ce.

Akwai kuma zama da sabuwar ƙasa take yi. Ƙasar da katafila ta tura ta tara ba tare da daɓe ba tana iya rasa kashi ɗaya cikin goma na tsayinta a damina ɗaya ko biyu. A jingar mita uku, santimita talatin ke nan. Ƙa'idar aiki ita ce a bar rarar tsayi tsakanin ruwa mafi girma da ake tsammani da doron jinga, aƙalla rabin mita, inda kuma kogi ya yi faɗi iska na tayar da igiyar ruwa a kai shi mita guda. To idan an bar rabin mita, zama ya cinye santimita talatin, kofaton shanu ya cinye sauran, me ya rage? Sannan shi kansa kogin ba ya nan yadda aka auna shi. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Calawa a 1992, ruwa ya riƙa gudana a kwarin nan har da rani, kachala ta sami wurin zama ta toshe hanyoyi, yashi ya taru a ƙasan kogi. Ruwan da a da yake wucewa salin-alin yanzu yana tsayawa sama da inda yake tsayawa. Jingar da aka auna da kogin shekaru ashirin da suka wuce tana bukatar sabon awo.

Maganin wannan hanya ta farko ba ɓoyayye ba ne. A riƙa bin doron jinga da na'urar safiyo duk shekara bayan girbi, a cike inda ya lotsa. A yi wa shanu da amalanke mahaura ta musamman, mai gangare a kwance, a shimfiɗa mata marmara ko dutse, domin hana makiyayi kai dabbarsa ruwa ba zai yiwu ba kuma ba adalci ba ne. A dasa ciyawa mai shimfiɗuwa irin ƙiri-ƙiri a gefen gari, a jera jema a gindi. Inda kuma aka san wata shekara ruwa zai fi ƙarfin jinga ko ta halin ƙaƙa, gara a zaɓi wuri tun da rani, nesa da gidaje, a rage tsayinsa da gangan, a ɗaure shi da dutse da siminti, ruwa ya fita ta nan zuwa fadama. Wannan shawara tana da ɗaci, domin gonar wani ce za ta sha ruwan, kuma dole a zauna da shi a yi maganar diyya kafin damina. Amma idan hukuma ba ta zaɓi wurin ba, kogi zai zaɓa, ko kuma mutanen wani ƙauye su je da dare su fasa jingar maƙwabtansu, kuma mun san irin gabar da hakan ke haifarwa tsakanin garuruwan da suke auratayya.

Hanya ta biyu ita ce ta fi hana ni barci, kuma a kanta zan fi daɗewa. Jinga tana iya fashewa alhali ruwa bai kai ko kusa da samanta ba. Ruwa yana bi ta cikinta ko ta ƙarƙashinta, yana kwashe ƙasa ƙwaya-ƙwaya, yana rarake ta kamar yadda gara ke rarake azara, waje lafiya lau, ciki kuwa kogo. A tarihin manyan madatsun ƙasa da suka fashe a duniya, kusan rabinsu ta wannan hanya suka tafi. Dam ɗin Teton da ke jihar Idaho ta Amurka, mai tsayin sama da mita casa'in, sabo fil, a cikarsa ta farko ya fashe ranar 5 ga Yuni, 1976. Da safe aka ga ruwa mai laka yana fitowa daga jikinsa, kafin azahar ya tafi, mutum goma sha ɗaya suka rasu. Idan haka ta faru da aikin da manyan injiniyoyi suka tsara, ina ga tarin ƙasar da aka tura cikin mako biyu ana tsere da damina?

Ya kamata a fahimci cewa kowace jingar ƙasa tana tsattsafo da ruwa. Wannan ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne launin ruwan. Idan garau yake fitowa kuma yawansa bai ƙaru ba, jinga tana aikinta. Idan ya fito da laka, ko aka ga rairayi yana taruwa a bakin wurin kamar gidan tururuwa, to jikin jingar ne ko ƙasan da take zaune a kai yake fita. Ramin yana farawa daga gefen gari inda ruwan ke ɓullowa, ya riƙa ci da baya yana nufar kogi. Ranar da ya isa kogi, ya zama bututu, ruwa ya shiga da ƙarfinsa duka, bututun ya faɗaɗa, doron ya rufta ciki.

Ƙasar kwarinmu ta dace da wannan ciwo ƙwarai. A wurare da yawa laka ce a sama, kaurinta mita ɗaya ko ƙasa da haka, a ƙarƙashinta kuma lallausan rairayi ne wanda ya haɗe da gindin kogi. Idan kogi ya cika, ruwa yana shiga rairayin nan ya bi ta ƙarƙashin jinga ya zo yana tura lakar daga ƙasa. Inda lakar ta fi siranta, nan zai huda ya ɓuɓɓugo. Kuma wa yake sirantar da ita? Mai aikin da ya ga nisan ɗauko ƙasa ya yi yawa, ya haƙa rami a gindin jingar ya kwashi lakar ya ɗora a sama. Ya ƙara tsayi da hannun dama, ya buɗe wa ruwa ƙofa da hannun hagu.

Ga lissafi ɗaya da nake roƙon a dube shi da kyau, domin kowane kansila zai iya yin sa a bayan ambulan. A ɗauki jinga mai tsayin mita 3, faɗin doronta mita 3, kowane gefe kuma yana gangarowa mita 2 a kwance ga kowace mita 1 ta tsayi. Faɗin gindinta zai zama 6 da 3 da 6, wato mita 15. Kogi ya cika, ruwa ya tsaya mita 2.5 sama da ƙasar gefen gari. A raba 15 da 2.5, an sami 6. Akwai tsohuwar ƙa'ida da injiniyoyin ban-ruwa suka fitar a Indiya tun 1910, wadda har yau ake fara awo da ita: a kan lallausan rairayi, tafiyar da ruwa zai yi a ƙarƙashin gini ta kai ninki 15 na tsayin ruwan da ake tarewa. Ninki 15 na mita 2.5 shi ne mita 37.5. Jingarmu tana da 15, ko rabi ba ta kai ba. Ko da an kwantar da gangaren zuwa 3 ga 1, gindin ya zama mita 21, ninkin bai wuce 8 da ɗoriya ba. Yanzu a ce an ji tsoron ruwa zai haura, aka ƙara rabin mita a sama ba tare da an faɗaɗa gindi ba, ruwa ya tsaya a mita 3. Ninkin ya sauko zuwa 5. Jingar ta fi tsayi a ido, ta kuma fi kusa da fashewa. Wannan shi ne abin da nake nufi da cewa tsayi kaɗai ba ya tare ruwa.

Ba cewa nake a yi jinga mai gindin mita arba'in ko'ina ba, ƙasar noma ba za ta isa ba. Akwai hanyoyin tsawaita wa ruwa tafiya da kuma kama ƙasar da yake son ɗauka. Kafin a zuba ko tifa ɗaya, a kankare ciyawa da saiwoyi da ƙasar sama, a haƙa rami a tsawon jingar, a cika shi da yumɓu ana daɓewa. Inda rairayin bai yi zurfi ba, ramin ya ratsa shi har ya taɓa laka. Inda ya yi zurfi, a shimfiɗa bargon laka a gefen kogi, ko a yi dakali mai faɗi a gefen gari wanda nauyinsa zai danne ƙasar. Sannan a gindin gefen gari a yi matata: rairayi mai tsabta a jikin ƙasar, tsakuwa a bayansa, dutse a waje. Aikin matata shi ne ta bar ruwa ya wuce ta riƙe ƙasa. Shi ya sa jerin yake da muhimmanci. Wanda ya jibga manyan duwatsu kai tsaye a kan laka bai yi matata ba, domin lakar za ta bi ta tsakanin duwatsun ta fice.

Ita kanta jingar, tun ran gini ran zane. Ana zuba ƙasa ne shimfiɗa-shimfiɗa, kowace kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta kai da kawowa, sannan a ɗora ta gaba. Damshin da ake so shi ne wanda idan ka dunƙula ƙasar a hannu za ta riƙe siffarta ba tare da ta jiƙa maka tafi ba. A takardar kwangila akan rubuta cewa daɓen ya kai kashi 95 cikin 100 na iyakar abin da ƙasar za ta iya a gwajin ɗakin awo, kuma akwai gwajin da ake yi nan take a wurin aiki da ɗan rami da rairayin awo. Ba ya cin awa guda. Ban ga dalilin da zai sa a biya kuɗin jinga ba tare da takardar wannan gwaji ba.

Sai wuraren da ruwa ya fi so. Na farko kwalbati da bututu. Ƙasar da ke kewaye da bututu ita ce rola ba ta iya kaiwa, don haka nan ne ruwa ke samun hanya a jikin siminti. Manoman rani kuma, ni ma ina cikinsu, muna huda jinga mu zura tiyo daga injin ban-ruwa, damina ta zo mu zare mu tura ƙasa da ƙafa. Wannan rami bai toshe ba. Na biyu gara da gafiya da ɓeraye, waɗanda jinga ta zame musu tudun tsira. Na uku bishiya. Inuwarta da daɗi, amma ranar da ta mutu ko aka sare ta, saiwoyinta suna ruɓewa su bar hanyoyi a cikin jinga, idan kuma iska ta tumɓuke ta, da guntun jingar take tafiya. Na huɗu baƙar laka mai tsagewa da rani har hannu ya shige. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan farko da ya zo da sauri kafin lakar ta kumbura ta rufe, ta waɗannan tsagogi yake bi. Tsagar da ta gitta jinga daga gefen kogi zuwa gefen gari ita ce mafi haɗari a nan.

Wata damina, wajen ƙarfe biyu na dare, yaran da ke sintiri suka tashe ni cewa ruwa na tafasa a gonar da ke gindin jingarmu. Na tarar da maɓuɓɓuga kamar bakin tulu, tana amayar da rairayi, samari kuma sun riga sun ɗauko buhuna za su danna a kai su toshe. Da ƙyar na tsayar da su, har wani ya ce mini, “Baba, ruwa na shigowa kana cewa a bar shi?” Na ce a bar shi ya fito, amma a hana shi fitowa da ƙasa. Idan ka toshe bakin, ƙarfin ruwan yana nan, zai huda wani wuri kusa, wataƙila inda ba ka gani. Muka kewaye wurin da buhuna kamar rijiya, muka bar tazarar taku biyu daga bakin, muna ɗora layi a kan layi. Ruwa ya taru a ciki, nauyinsa ya riƙa danne wanda ke tasowa. Da zoben ya kai gwiwa, sai rairayin ya daina motsi, ruwan ya koma garau. Nan muka tsaya, muka yi masa 'yar mafita ta sama, muka sa mutum biyu su zauna da fitila har safe. Da gari ya waye na ga abin da na zata: wurin tsohon ramin ɗibar ƙasa ne na lokacin da aka yi wa jingar ƙari. Yaran nan ba su yi laifi ba. Babu wanda ya taɓa nuna musu, kuma a daren da babu tsoho irina kusa, da sun toshe.

Hanya ta uku ita ce gangaren jinga ya zame. Ƙasa tana tsayawa ne saboda ƙwayoyinta suna cije da juna. Idan ruwa ya cika tsakaninsu, yana ɗauke wani ɓangare na nauyin da ke matse su, cizon ya ragu, ƙasar kuma ta ƙara nauyi. Sai wani yanki ya yanke ya sulale a kan layi mai lanƙwasa kamar cikin ƙwarya, sama ta faɗa, gindi ya kumburo. A gefen gari hakan na faruwa ne idan kogi ya daɗe a cike, mako biyu ko uku, jingar ta sha ruwa har ta ƙoshi, ga kuma ruwan sama a kai. A gefen kogi kuwa lokacin da ruwa ke janyewa ne, musamman idan ya janye da sauri: kogin da ke tallafe da gangaren ya tafi, ruwan da ke cikin ƙasar bai sami lokacin fita ba. Shi ya sa jinga ke zaftarewa a lokacin da mutane suka koma gida suna hamdala. A nan masu kula da ƙofofin dam da na barajin Haɗeja suna da hannu, domin saurin rufe ƙofa yana iya zama saurin faɗuwar ruwa a ƙasa. Kogi kuma yana cin gindin jinga a wajen lanƙwasa, inda ruwa ya fi gudu, har gangaren ya rasa abin takawa. Fari ma yana da nasa: a garin Wilnis na ƙasar Holan, a Agustan 2003, jingar wani magudanin ruwa ta bushe ta yi sakayau saboda zafin bazara, ruwan da take tarewa ya ture ta gefe guda cikin dare, babu ambaliya babu ruwan sama.

Zamewa tana ba da sanarwa ga mai ido. Tsaga ce mai bin tsawon doro, sau da yawa mai siffar jinjirin wata, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙasa. Turke ko sandar wuta da ke kan gangare ta karkata. Gindi ya yi tozo ya yi laushi. Abin da hankali ke ba mutum a nan shi ne ya cike inda ya faɗa a sama, kuma wannan ne kuskuren. Nauyi a sama tura yankin yake yi. A gindi ake sa nauyi, da buhuna ko tsakuwa ko dutse, a kan shimfiɗar rairayi domin ruwa ya samu ya tsiyaye, a rufe tsagar da leda kada ruwan sama ya shiga, a hana mota hawa. Rigakafinta kuwa gangare mai kwanciya ne. A misalin da na bayar, gangaren 2 ga 1 yana cin ƙasa mita 27 murabba'i a yanke, na 3 ga 1 yana cin 36. Ƙarin kashi ɗaya cikin uku ne a kuɗin ƙasa, kuma na san a nan ake fara yanke kasafi. Amma wadda aka ƙara wa rabin mita a sama ba a taɓa gindi ba, gangarenta ya miƙe zuwa kusan 1.7 ga 1, ga sabon nauyi a ka. Jinga da yawa da nake gani a kwarin nan ko 2 ga 1 ɗin ba su kai ba.

Ranku ya daɗe, mutanen Kano ba su manta da fashewar dam ɗin Bagauda ta 1988 ba, mutanen Maiduguri kuma ba za su manta da ta dam ɗin Alau da daren 10 ga Satumba, 2024 ba. Mu ma muna da ambaliyar 2020 da ta 2022 a jikinmu, gonaki da gidaje da rayuka. Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a yi wa kowace jinga a kwarin nan rajista, har da waɗanda jama'a suka yi da aikin gayya: ina take, wa ke da alhakinta, da me aka yi ta. Yau idan ta tsage, mai unguwa ba ya sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ta ƙaramar hukuma, ta jiha ko ta tarayya. A riƙa duba ta sau biyu a shekara da ƙafa, ba daga cikin mota ba: sau ɗaya bayan ruwa ya janye, lokacin da tabon ɓarna yake sabo, sau ɗaya kuma a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da tsaga da gidan gara suke fili kuma akwai sauran lokacin gyara. A liƙa sakamakon a sakatariya da ƙofar hakimi.

Muna roƙon duk sabuwar kwangilar jinga ta faɗi irin ƙasar da za a zuba, kaurin shimfiɗa, gangare, da rarar tsayi, a kuma haƙa ramukan gwaji a san abin da ke ƙasa kafin a fara. Kada a biya sai da takardar gwajin daɓe. A haramta ɗibar ƙasa a gindin jinga, ga ɗan kwangila da mai yin bulo baki ɗaya, injiniya ya shata tazarar a kafa turaku, tsofaffin ramukan da ke gefen gari kuma a cike su da laka. Kada a sake ƙara wa jinga tsayi ba tare da an faɗaɗa gindinta ba. A fara aikin ƙasa da rani, domin jingar da aka tara a watan Yuli da jiƙaƙƙiyar laka ba ta daɓuwa.

Ga manoman rani, a gina mana mashigar ruwa ta siminti mai ƙofa a wuraren da muka fi ɗiba, da matata a bakinta, sannan a hukunta duk wanda ya huda jinga. Idan aka hana ba a ba da madadi ba, za a ci gaba da hudawa da dare.

Muna roƙon a kafa sandunan awon ruwa masu lamba a manyan garuruwan bakin kogi, a yi musu fenti inda ruwa ya zama na shiri da inda ya zama na tashi, a kuma riƙa sanar da mu ta rediyo kafin a ƙara sakin ruwa daga sama da kuma kafin a rage.

Roƙo na ƙarshe shi ne mafi arha. Kafin kowace damina, a tara masu sintirin jinga na kowace gunduma kwana ɗaya, a kai su bakin jinga, a nuna musu da hannu: yadda ake bambance ruwa garau da mai laka, yadda ake zobe a kewaye maɓuɓɓuga, yadda ake cika buhu rabi ko kashi biyu cikin uku a jera shi kamar bulo, inda ake sa nauyi idan gangare ya tsage, da alamar da idan an gan ta za a bar shebur a je a tashi mata da yara. A ba su buhuna da leda da fitila tun watan Yuni, da lambar waya ɗaya da za a ɗauka da tsakar dare. Akwai tsofaffin ma'aikatan ban-ruwa irina a kusan kowace ƙaramar hukuma a kwarin nan, kuma na yi magana da wasunsu. A shirye muke mu yi wannan koyarwa ba tare da an biya mu ba, idan aka kira mu.

Allah Ya ba ku ikon dubawa, Ya kawo mana damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin ruwa.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon ma'aikacin ban-ruwa, a madadin masu sintirin jinga na kwarin Haɗeja.